Idan Baki Ya Karkace Dare Ɗaya, a Fara Duba Goshi

Yawancin waɗanda abin ya sama, wajen alwalar asuba suke fara ganewa. Mutum ya kwanta lafiya ƙalau, ya tashi ya ɗebi ruwa zai kurkure baki, sai ruwan ya tsiyaye ta gefe guda, ya kasa riƙe shi. Ya zo wanke fuska, ruwa ya shige masa ido ɗaya domin idon ya ƙi rufuwa. Kafin gari ya waye mutanen gida sun taru a kansa, kowa da abin da yake faɗa. Wani ya ce iska ce ta shafe shi, wata ta ce marin aljani ne, wani kuma ya ce hawan jini ne ya buge shi, ɓarin jiki zai shanye. Mai ciwon yana tsakiya, ya dubi madubi ya ga fuskar da bai sani ba.

Tsoron da ke kama mutane a wannan lokaci yana da dalili, domin shanyewar ɓarin jiki takan fara da karkacewar baki. Amma da yawa daga cikin masu wayar gari da shanyayyar fuska ƙwaƙwalwarsu lafiya lau take. Jijiya ɗaya ce tak ta kumbura a bayan kunne. Likitoci na kiran wannan ciwo cutar Bell, da sunan Charles Bell, likitan fiɗa ɗan ƙasar Sikotilan, wanda a shekarar 1821 ya bayyana cewa jijiyar da ke motsa fuska daban take da wadda ke sa fuska ta ji taɓi. Tun kafin shi da ɗaruruwan shekaru, Abubakar Arrazi da Ibn Sina sun yi rubutu a kan karkacewar fuska a littattafansu na likitanci. Ciwon ba sabo ba ne, kuma ba baƙo ba ne a ko'ina: a kowace shekara yakan kama mutum 15 zuwa 30 a cikin kowane 100,000, maza da mata kusan daidai, an fi ganinsa tsakanin shekara 15 zuwa 45.

Sai an san hanyar da wannan jijiya ke bi kafin a gane ciwon. Jijiyar da ake magana ba ta jini ba ce, ta saƙo ce, irin wadda ke ɗaukar umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka. Akwai irin waɗannan guda 12 a kowane ɓangaren kai da ke fita kai tsaye daga ƙwaƙwalwa ko gindinta, ta fuska ita ce ta bakwai. Ta dama tana kula da ɓarin dama, ta hagu tana kula da na hagu. Tana tasowa daga gindin ƙwaƙwalwa, ta shiga ƙashin da ya rufe kunnen ciki, ta bi ta wata 'yar siririyar hanya mai lanƙwasa da ta kai kimanin santimita 3. A wuri mafi ƙunci, faɗin hanyar bai kai milimita ɗaya ba. Daga nan ta ɓullo a ƙarƙashin kunne, ta ratsa ta cikin ƙullin yawu da ke kumbura idan yaro ya yi hangum, sannan ta rabu gida biyar: reshe ɗaya ya hau goshi, ɗaya ya nufi ido, ɗaya kunci, ɗaya leɓen ƙasa, na ƙarshe ya sauka wuya.

Wannan ƙuncin hanya shi ne tushen matsalar. Idan jijiyar ta kumbura, ƙashi ba ya buɗa mata, sai ta matse kamar yatsan da ya kumbura da zobe a jikinsa. Jinin da ke ciyar da ita ya ragu, saƙo ya daina wucewa, duk tsokar da ke jiran umarninta ta saki. Abin da ke sa kumburin, masana sun fi zargin ƙwayar bairos ɗin nan da ke fito da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi. Takan kwanta shiru a cikin jijiya shekara da shekaru, sannan wata rana ta farka. A 1996 wasu likitoci a Japan sun gano alamarta a ruwan jijiyar marasa lafiya 11 daga cikin 14 da suka yi wa aiki. Masu ciwon suga sun fi saurin kamuwa, haka ma mata masu ciki a watanni ukun ƙarshe da makon farko bayan haihuwa. Mai cikin da bakinta ya karkace lallai ne a auna jininta, domin ciwon yakan zo tare da hawan jinin ciki.

Jijiyar tana da wasu ayyuka ban da motsa fuska, su ne ke bayyana ƙananan alamun da kan ɗaure wa mutane kai. Ita ke umartar ƙullin da ke yin hawaye, shi ya sa idon kan bushe. Ita ke ɗauko ɗanɗano daga gaban harshe, shi ya sa wani kan ce shayi ya zama salam a gefe guda. Kuma ita ke riƙe da wata 'yar tsoka a cikin kunne mai rage ƙarfin sauti, saboda haka ƙarar babur ko faɗuwar kwano kan zame wa mai ciwon azaba a kunne ɗaya. Da yawa sukan ji ciwo a bayan kunne kwana ɗaya ko biyu kafin fuskar ta saki. Akwai kuma kuskuren da kusan kowa ke yi a ranar farko: ɓangaren da baki ya karkata zuwa gare shi shi ne mai lafiya. Tsokar da ke aiki ce ke jan bakin wajenta, domin ta ɗaya ɓarin ta daina ja. An sha ganin 'yan uwa sun duƙufa suna shafa mai da gasa ɓarin da babu abin da ya same shi.

To ta yaya ake rabe wannan da shanyewar ɓarin jiki? Amsar tana goshi.

Umarnin motsa fuska daga saman ƙwaƙwalwa yake saukowa, kuma yana tsallakawa: ɓarin dama na ƙwaƙwalwa ke juya ɓarin hagu na jiki. Ƙasan fuska, wato kunci da baki, daga ɓari ɗaya kawai yake samun umarni. Goshi da tsokar da ke rufe ido kuwa daga ɓangarorin biyu suke samu. Saboda haka idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ɓari ɗaya na ƙwaƙwalwa, baki zai karkace, amma goshi zai ci gaba da aiki, tunda ɗaya ɓarin bai daina aiko masa da saƙo ba. Mai ciwon zai iya ɗaga girarsa biyu, layukan goshi su fito a dama da hagu, ya kuma rufe idanunsa. Idan kuwa jijiyar fuskar ce da kanta ta matse a bayan kunne, duk umarnin, ko daga ina ya fito, ta nan zai bi, kuma hanyar a rufe take. Sai ɓarin fuskar ya saki gaba ɗaya daga goshi har haɓa: gira ta ƙi tashi, goshi ya yi sumul, ido ya ƙi rufuwa, baki ya zube.

Abin mamaki a nan shi ne, fuskar da ta fi muni a ido sau da yawa ita ce mai sauƙin ciwo. Wanda duk ɓarin fuskarsa ya mutu, idonsa a buɗe yana zubar da ruwa, ya fi kusa da cutar Bell. Wanda bakinsa kaɗai ya ɗan karkace, goshinsa na motsi, shi ne abin tsoro.

A ɗauki misalin wani tela ɗan shekara 34 da aka kawo asibiti da hantsi. Jiya ya ji ciwo a bayan kunnen dama, yau da asuba ruwa ya zube masa daga baki. Likita zai ce masa ya ɗaga gira: ta hagu ta tashi, ta dama ko gezau. Ya ce ya runtse ido da ƙarfi: na hagu ya rufe, na dama ya tsaya a buɗe, ƙwayar idon ta juya sama, fari kaɗai ake gani. Wannan juyawar kan firgita 'yan rakiya ƙwarai, har wasu su ce ga shaidar iska nan. Alhali idon yawancin mutane haka yake yi idan sun runtse, fatar ido ce ke ɓoye shi. Sai likita ya ce ya yaƙe haƙora, ya kumbura kumatu, ya gwada fito. Iska ta tsere ta gefen dama. Daga nan sai ya bar fuska ya koma jiki. Ya sa shi ya miƙe hannu biyu gaba, tafin a sama, ido a rufe, na daƙiƙa goma: babu wanda ya sauka. Ya matse yatsun likita da dama da hagu, ƙarfi ɗaya. Ya yi tafiya a miƙe ba tangaɗi. Maganarsa ta ɗan canza a haruffan leɓe irin su ba da fa da ma, amma kalmominsa daidai suke, yana gane abin da ake faɗa masa. Likita ya leƙa cikin kunne, ya shafa gaban kunne ko akwai ƙulli, ya auna jini da suga. Idan duk wannan ya fita lafiya, a mafi yawan lokuta ba a buƙatar hoton ƙwaƙwalwa. Cutar Bell ce.

Sai kuma wata 'yar kasuwa mai shekara 58, mai hawan jini da ta daina shan magani tun da ta ji sauƙi. Tana cikin ƙirga kuɗi sai suka zube daga hannunta na dama, 'yarta ta ga bakinta ya karkace. Goshinta na motsi, idanunta na rufuwa. Da aka ce ta ɗaga hannu biyu, na dama ya riƙa sauka a hankali. Tana son ta ce a ba ta ruwa, wata kalma daban ke fitowa. Wannan ba jijiyar bayan kunne ba ce, ɓarin hagu na ƙwaƙwalwarta ne jini ya yanke wa. Yadda abin ya zo ma ya bambanta. Nata cikin daƙiƙoƙi ya afka mata. Na telan kuwa a hankali ya taru, kuma zai iya ƙara tsananta har zuwa kwana biyu ko uku kafin ya tsaya.

Ga ita wannan baiwar Allah, kowane minti yana da tsada. Maganin da ke narkar da gudan jinin da ya toshe hanya ana ba da shi ne cikin awa huɗu da rabi daga lokacin da alamun suka fara, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar toshewa ce, ba fashewa ba. Ba kowane asibiti ke da na'urar hoton ko maganin ba, saboda haka babban asibiti mafi kusa za a nufa kai tsaye, a kuma riƙe lokacin da aka yi mata ganin ƙarshe tana lafiya, domin shi likita zai fara tambaya. Kada a ba ta asfirin a gida. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, aka wallafa a 2018, ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shanyewar ɓarin jiki a yankin, jijiyar jini ce ta fashe musu, kuma asfirin ƙara zubar jinin zai yi. Kada kuma a ɗura mata ruwa ko rubutu ko kunu, domin haɗiya kan lalace, abin ya bi ta huhu.

Gwajin goshi yana da iyaka, kuma dole a faɗe ta. Idan jini ya yanke a gindin ƙwaƙwalwa, daidai inda jijiyar fuska ta samo asali, goshin ma zai mutu, abin ya yi kama da cutar Bell. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, kuma da wuya ya zo shi kaɗai: sai a ga mutum yana ganin abu biyu-biyu, ko jiri mai tsanani, ko tangaɗi, ko sarƙewa wajen haɗiya, ko mutuwar hannu da ƙafa. Duk karkacewar fuska da ta zo da ɗaya daga cikin waɗannan, ko da ciwon kai mai tsanani na farat ɗaya, a ɗauke ta a matsayin shanyewar ɓarin jiki har sai likita ya ce ba ita ba ce. Ko da alamun sun ɓace bayan 'yan mintoci, a je asibiti a ranar, domin irin wannan kan zama gargaɗin babba da ke tafe.

Shi ma telan ba zama zai yi ya jira ba, nasa wa'adin awa 72 ne. Maganin da aka tabbatar yana taimakawa shi ne firednisolon, mai sauke kumburi, idan aka fara shi cikin kwana uku na farko. Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga Sikotilan a 2007, inda aka bi marasa lafiya kusan 500. An ba wasu miligiram 25 sau biyu a rana na kwana goma, wasu kuma ba a ba su ba. Bayan wata uku, kashi 83 cikin 100 na waɗanda suka sha sun warke sarai, a ɗaya rukunin kuwa kashi 64. Bayan wata tara, kashi 94 ne da kashi 82. Maganin kashe bairos shi kaɗai bai ƙara komai ba a wannan bincike, ko da yake likitoci kan haɗa shi idan shanyewar ta yi tsanani. Waɗannan alƙaluma suna nuna abu biyu. Yawancin mutane za su warke ko ba magani, wanda shi ya sa duk abin da aka shafa ko aka turara yakan ci yabo daga baya. Amma a cikin kowane mutum takwas ko tara da aka ba magani da wuri, akwai ɗaya da maganin ne ya hana shi zama da karkataccen baki. Mako guda da aka ɓata ana hayaƙi ya cinye wannan dama. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, ana iya yinta a cikin mota.

Sai dai firednisolon ba maganin da za a aika yaro kemis ya sayo ba ne. Yana tayar da suga, yana ɗaga hawan jini, yana tsananta gyambon ciki. Mai ciwon suga da mai ciki suna iya shansa, amma a hannun likitan da zai riƙa aunawa.

Abin da aka fi sakaci da shi, kuma ya fi saurin jawo asarar da ba ta gyaruwa, shi ne ido. Idon da ba ya ƙiftawa bushewa yake yi. Da dare mai ciwon na barci, idon na buɗe, yana gogar matashi. A lokacin hunturu ƙura ta ƙara masa. Cikin 'yan kwanaki baƙin idon na iya yin gyambo, gyambon ya bar tabo, gani ya ragu har abada, alhali fuskar ta warke. Hawayen da ake gani suna zuba ba shaidar idon na da danshi ba ne, fatar ƙasa ce ta saki ta kasa riƙe su. Kariyar ba ta da wuya: ɗigon ido mai jiƙawa a kai a kai da rana, kusan kowace awa ɗaya ko biyu, da dare kuma man ido mai kauri, sannan a ja fatar ido ta sama da yatsa mai tsabta a rufe, a manne ta da filasta mai laushi. Kada a ɗora auduga a kan buɗaɗɗen ido, gogarsa za ta yi. A sa tabarau idan za a fita, musamman a kan babur. A ajiye kwalli da duk wani haɗin gida. Idan idon ya yi ja, ko yana ciwo, ko gani ya dushe, a ga likitan ido a ranar.

Ba kowace shanyewar ɓarin fuska daga goshi zuwa haɓa ce cutar Bell ba, shi ya sa likita ke leƙa kunne. Idan akwai ƙananan ƙuraje masu ruwa a cikin kunne ko a dasashi, da ciwo mai zafi, wani lokaci da jiri ko raguwar ji, to ƙwayar ƙarambau ce ta farka a jijiyar. Wannan shi ne ciwon da mawaƙin nan ɗan Kanada Justin Bieber ya nuna wa duniya a watan Yunin 2022, lokacin da ya soke wasanninsa. Ya fi cutar Bell wuyar warkewa, kuma a nan maganin bairos wajibi ne tun da wuri. Kunnen da ya daɗe yana zubar da ruwa kan ci ƙashi har ya kai ga jijiyar. Faɗuwa daga babur kan fasa ƙashin bayan kunne. Kuturta da cutar ƙanjamau duk suna taɓa ta. Shanyewar da ta riƙa ƙaruwa sannu a hankali tsawon makonni, ko ta zo da ƙulli a gaban kunne, ko ta kama ɓari biyu a tare, tana buƙatar bincike mai zurfi.

Warkewa kuwa sai da haƙuri. Wani likita a birnin Kofanhegan ya shafe shekara 25 yana bin masu cutar Bell 1,701 da ba a ba magani ba. Kashi 85 cikin 100 sun fara ganin motsi cikin mako uku na farko, kashi 71 kuma fuskarsu ta koma yadda take. Waɗanda tun farko fuskar ba ta mutu gaba ɗaya ba su suka fi samun cikakkiyar lafiya. Sauran sai bayan wata uku zuwa biyar motsi ya fara dawowa, domin jijiyar tasu sake tsirowa take yi. A wajen tsirowar ne wasu zaruruwan kan yi ɓatan hanya: wanda ya kamata ya je baki ya tafi ido, sai mutum ya yi murmushi idonsa ya kanne, ko ya fara cin abinci hawaye ya zubo. Likitocin gashi suna koyar da motsa fuska a hankali a gaban madubi don rage wannan. Murza fuska da ƙarfi, ko tsaga, ko ƙona ta da abu mai zafi, ba sa tayar da jijiyar da ke can cikin ƙashi.

Kafin a warke akwai 'yan dabarun yau da kullum. A riƙa tauna ta ɓarin mai lafiya, a yi ƙananan loma, a kuma wanke baki bayan cin abinci, domin tuwo kan maƙale a kuncin da ya saki ba tare da an ankara ba. Wajen shan ruwa, tallafe leɓe da yatsa yana taimakawa. Ciwon ba ya yaɗuwa, babu dalilin ware wa mai shi kwano ko ɓoye shi a ɗaki. Yana iya komawa aikinsa da zarar ya ga zai iya, in dai ya kare idonsa daga ƙura.

Duk wanda wata uku suka wuce bai ga ko ɗan motsi a fuskarsa ba, ko ciwon ya sake dawo masa, ya koma asibiti a sake dubawa, a wannan karon wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro ko likitan ƙwaƙwalwa. Wanda kuwa aka wayi gari bakinsa a karkace, a ce ya ɗaga gira, ya rufe ido, ya ɗaga hannu biyu, ya yi magana, sannan ko me aka gani a kai shi asibiti a ranar.